Rolbak ko jinkiri: wanne za a sa a wasan faɗa na mutum biyu?

Nura Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa ƙaramin wasan faɗa na mutum biyu, firam 60 a sakan. Yanzu tsarin jinkiri nake amfani da shi: kowace na'ura ba ta matsawa gaba sai abin da abokin karawa ya danna ya iso. A gida ɗaya lafiya lau. Da muka gwada ta intanet, `ping` yana nuna 130, wasan ya yi nauyi kuma yana tsaitsayawa. Tambayata, in gyara wannan ne ko in rushe in koma rolbak, inda wasa ke ci gaba da hasashe, in an yi kuskure ya koma baya ya gyara? Me zai ci mini?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam Nura. Fara da lissafi kafin ka rushe komai. Firam ɗaya milisakan 16.67 ne. Lambar da `ping` ya nuna maka zuwa da dawowa ce, kai kuwa zuwa kaɗai kake jira, wato rabi: 65. Raba 65 da 16.67, ka samu 3.9. To firam 4 ke nan. A tsarinka dole duk abin da mutum ya danna a riƙe shi firam 4 kafin ya yi aiki, don saƙon ya samu isa wancan ɓangaren. Nauyin da kake ji ke nan.

Tsaitsayawar kuma dabam ce. A ce layi ya motsa, lambar ta hau 190. Zuwa ya koma 95, kai kuma 67 kawai ka tanada. Wasan ba shi da abin yi sai jira. Idan ya zauna a haka, kowane firam 4 zai ci milisakan 95, ka ga wasan ya sauko wajen firam 42 a sakan, kamar ana tafiya cikin taɓo. Idan ka ƙara jinkirin ya kai 6 don ka shanye wannan, tsayawar za ta ragu amma hannu zai ƙara nauyi. Tsarin jinkiri ba shi da mafita ta uku.

Ɗanlami: Ni ina ganin matsalar saba ce, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa. Ka kama saba mai ƙarfi a kusa, shi ke nan. Wasannin harbi ai haka suke yi.

Injiniya Bashir: Malam Ɗanlami, a nan babu sabar da ke tafiyar da wasan. Na'urorin biyu kowacce tana gudanar da wasan gaba ɗaya, abin da aka danna kawai suke musaya. Sa saba a tsakiya ƙara tsawon hanya ne. Inda maganarka ta shigo shi ne masu datar waya: sau da yawa kamfani yana cusa mutane da yawa bayan adireshi ɗaya, na'urori biyu su kasa haɗuwa kai tsaye, dole a sami mai miƙa saƙo a tsakani. Shi ma miƙawa kawai yake, kuma idan yana Turai alhali 'yan wasan biyu suna Kano da Kaduna, ka ninka musu tafiya a banza.

Sadik Mai Sanda: Ni ɗan wasa ne, ba mai rubuta kod ba, amma bari in faɗi gaskiya. Rolbak yaudara ce. Yana nuna maka abin da bai faru ba, sannan ya goge. Ka ga mutum a tsaye, ƙiftawa da bismilla yana tsakiyar duka. A jinkiri aƙalla abin da idona ya gani shi ne gaskiya, ina ganin bugu tun daga farkonsa, in kare.

Hauwa'u K.: Malam Sadik, rabin maganarka daidai ne. Gaskiya ne rolbak yana yanke farkon motsin abokin karawa. Amma cewa jinkiri yana ba ka damar karewa fiye da shi, mu ƙirga mu gani.

Ɗauki bugun sama wanda yake ɗaukar firam 22 kafin ya sauka, a layin Nura mai firam 4. A jinkiri ka ga motsin tun firam na farko, amma idan ka danna kariya sai bayan firam 4 take aiki. Abin da ya rage maka 18. A rolbak, a ce an sa jinkirin firam 1, sauran 3 a bar wa komawa baya. Firam 3 na farkon motsin ba ka gansu ba, saura 19, kariyarka kuma ta makara da 1. Saura 18. Daidai wa daida. Nisan da ke tsakaninku ba ya ɓacewa a kowane tsari, wurin da ake biyan kuɗinsa ne ya bambanta.

Bambancin yana hannunka. Jerin bugun da ka yi wata guda kana koyo, inda tazarar danni biyu ba ta wuce firam 2 ko 3 ba, a rolbak lokacinsa ɗaya ne kullum, ko da wa kake wasa. A jinkiri yau 4, gobe 7, a wasu wasannin ma lambar tana canzawa ana tsakiyar zagaye.

Sadik Mai Sanda: Lissafin na yarda, Malama. Amma bugun hannu mai sauri fa, mai firam 4 ko 5? Idan an yanke 3, me ya rage?

Hauwa'u K.: Kusan babu. Amma wannan ko kuna zaune kan tabarma ɗaya ba wanda yake ganinsa ya kare, hasashe ake yi. Inda ya fi ciwo shi ne zabura gaba da tsalle, domin jiki ne yake sauya wuri. Idan komawar ta kai firam 6 ko 7 za ka ga mutum ya ɓulla a gabanka. Wannan koken naka gaskiya ne, ban musa ba.

Nura Ɗan Fagge: To yanzu na fara ganewa. Amma ya na'ura take sanin abin da mutum zai danna? Akwai wani lissafin hasashe ne?

Injiniya Bashir: Mafi sauƙin hasashe a duniya, ƙanena: ta ɗauka yana nan riƙe da abin da ya riƙe a saƙon ƙarshe. GGPO, kod ɗin rolbak wanda Tony Cannon ya rubuta kuma aka saki kod ɗinsa ga kowa a 2019, haka yake yi. Yana aiki ne saboda yatsan mutum ba ya canza abu sau 60 a sakan. Wanda ya riƙe baya yana kariya zai riƙe firam 20 ko 30. Duk tsawon nan hasashen daidai ne, babu abin da za a gyara.

Ga yadda kuskure ke tafiya. Saƙon ƙarshe da ka samu na firam 100 ne, yana riƙe da baya. Ka gudanar da 101, 102, 103 a kan cewa baya yake riƙe da ita. Kana shirin shiga 104 sai na 101 ya iso, ashe naushi ya danna. Sai ka ɗauko halin wasan da ka adana a farkon 101, ka sake gudanar da 101, 102, 103 da sabon bayani ba tare da ka zana komai a allo ba, ka yi 104, sannan ka zana. Ɗan wasa ya ga naushin a firam ɗinsa na huɗu. Duk wannan cikin milisakan 16.67 ɗin nan guda.

Saboda haka amsar "me zai ci mini" ba a layin intanet take ba. Tana cikin wasanka. Zai iya adana halinsa gaba ɗaya kowane firam? Zai iya gudu ba tare da zane ba? In an ba shi danni iri ɗaya, sakamako iri ɗaya yake bayarwa kullum?

Nura Ɗan Fagge: Na uku ina da shi ai, tunda tsarin jinkiri ma yana buƙatarsa. Na farko ne ban da tabbas. Lafiyar ɗan wasa tana wani wuri, matsayinsa yana cikin abin da injin ke zanawa, ƙwallon wuta kuma ina ƙirƙirarsa in goge shi idan ya gama.

Hauwa'u K.: To nan aikin yake. Tattara duk abin da ke shafar sakamakon faɗa cikin dunƙule ɗaya, mai girma tsayayye, babu `pointer` a ciki:

```
struct Hali {
  int32_t firam;
  uint32_t irin_sa_a;
  DanWasa dan[2];
  Jifa jifa[8];
};
Hali h, ajiya[10];
ajiya[h.firam % 10] = h;
```

Ƙwallon wuta kada ka ƙirƙira ka goge. Ware gurbi 8, kowanne da alamar a kunne yake ko a kashe. Idan kana son nuna wani da wani, yi amfani da lambar gurbi. Da haka adanawa ta zama kwafe ƴan kilobait, wanda ba ya cin komai. Zane kuma ya zama mai karatu kawai: ya duba `Hali` ya zana, ba ya rubuta komai a ciki. Matsayin ɗan wasa ya fito daga `Hali` zuwa injin, ba daga injin zuwa `Hali` ba. Idan kana dogaro da lissafin karo na injin da kake amfani da shi, ka shirya rubuta naka. A wasan faɗa akwatuna ne masu kusurwa huɗu, ba wani abu mai wuya ba.

Injiniya Bashir: Ka kuma auna lokaci tun yanzu. Idan za ka yarda da komawa har firam 7, dole ka iya gudanar da 8 cikin firam ɗaya. A ce zane yana cin milisakan 8, saura 8, wato milisakan 1 ga kowane mataki har da adanawa. Mutanen NetherRealm sun yi wannan aikin lokacin da suka mayar da Mortal Kombat X rolbak a 2016, jawabin da Michael Stallone ya yi a kai a taron masu haɗa wasanni na GDC na 2018 ma sunansa 8 Frames in 16ms. Wasansu ba a gina shi da wannan niyya ba, shi ya sa ya ci su aiki mai yawa. Naka ƙarami ne, da wuya ka kai milisakan ɗaya idan ka raba zane da lissafi.

Abin tsoro idan ka wuce kasafin: komawa mai tsawo ta sa ka makara, makarar ta jawo ƙarin aiki a firam na gaba, abin ya riƙa cin kansa. Gwada a kan na'ura mafi rauni da kake son wasan ya yi aiki a kai, ba a kan taka ba.

Mamman Maraɗi: Ina bin zancen. Ni a waya nake so in yi irin wannan, wani yana waya wani yana kwamfuta. Na yi amfani da `float` ko'ina. Akwai matsala?

Hauwa'u K.: Akwai, Malam Mamman, kuma ba ta rolbak kaɗai ba ce, jinkiri ma za ta kama shi. Furosesar waya da ta kwamfuta, ko ma kod ɗaya da aka harhaɗa da kayan aiki dabam, suna iya bambanta a lambar can ƙarshe, musamman a `sin` da `cos`, ko inda aka haɗe ninkawa da tarawa a mataki ɗaya. Bambancin ba ya ganuwa, har sai ranar da ya faɗo daidai bakin akwatin bugu: a nan ya taɓa, a can bai taɓa ba. Daga nan kowa wasansa dabam yake yi. Koma lambobi cikakku. Ka ce tazarar ɗigo ɗaya a allo 1000 ce, gudun tafiya 3500, nauyin faɗowa 450 a kowane firam. Kuma kada lissafin faɗa ya taɓa tambayar agogo nawa ne lokacin da ya wuce. Mataki ɗaya firam ɗaya ne, ko da na'urar ta yi jinkirin zana shi.

Mamman Maraɗi: Amma na ji wasu suna cewa `float` lafiya lau ne in an kula.

Hauwa'u K.: Idan na'urorin iri ɗaya ne kuma fayil ɗaya suke gudanarwa, yakan yi. Kai kuwa waya da kwamfuta ka ce. Ana iya ɗaure shi, amma wahalar ɗaurin ta fi ta komawa lambobi cikakku.

Nura Ɗan Fagge: Na dawo. Na tattara komai cikin `Hali`, na haɗa GGPO. Tsakanin tagogi biyu a kwamfuta ɗaya yana tafiya. Da na sa jinkirin ƙarya na milisakan 65, bayan kamar minti ɗaya sai na ga a taga ɗaya lafiyar ɗan wasa na biyu 720, a ɗayar 800. Ban san daga ina ya fara ba.

Injiniya Bashir: Madalla da ka gani da wuri. Kada ka nemi shi da ido. Maimakon `ggpo_start_session` kira `ggpo_start_synctest`, ka ba shi tazarar firam 1. Ba ya buƙatar layi. Kowane firam zai koma baya, ya sake gudanarwa, ya gwada lambar tantancewar da `save_game_state` ɗinka ya bayar a karo na farko da ta karo na biyu. Suka saɓa, ya tsaya a wannan firam ɗin. Ka cika `log_game_state` da kyau don ka iya jera bayanan biyu ka ga layin da ya bambanta. Sannan ka yi duk motsin da ke cikin wasan ɗaya bayan ɗaya. Bambancin 80 ne, wane bugu ne yake cire 80?

Nura Ɗan Fagge: Ƙwallon wuta! Na gwada, ya tsaya daidai firam ɗin da ƙwallon ya taɓa mutum. Na gano: alamar `ya_buga`, wadda ke hana ƙwallo ɗaya cire lafiya sau biyu, na bar ta a cikin abin da ke zana ƙwallon. Karon farko ƙwallon ya taɓa, an cire 80, alamar ta kunnu. Da aka koma baya lafiya ta koma 800, alamar kuwa ta zauna a kunne tunda ba ta cikin ajiya. Karo na biyu ƙwallon ya ratsa mutum ya wuce.

Hauwa'u K.: Shi ne irin kuskuren da tsarin jinkiri ba zai taɓa nuna maka ba, tunda shi ba ya komawa baya. Nemi ƴan'uwansa: ma'aunin ɗan tsayawar da ake yi idan bugu ya shiga, tarihin dannin da kake gane motsi na musamman da shi, duk wani `static` da ke cikin aikin faɗa. Kuma ka share `Hali` da `memset` tun farko, domin gibin da ke tsakanin filaye yana iya ɗaukar shara ya ɓata lambar tantancewa alhali wasan lafiya yake.

Ka sani kuma wannan gwajin a na'ura ɗaya yake, ba zai kama matsalar Malam Mamman ba. Ita sai ka naɗi dannin wasa guda, ka kunna shi a na'urori biyu, ka gwada lambobin firam bayan firam.

Sadik Mai Sanda: To ku bayyana mini wannan. A Street Fighter V, rolbak ne ai, amma sau nawa mutum ɗaya yana ganin tsalle-tsalle kamar aljani, ɗayan yana cewa shi lafiya lau yake gani? Wannan ne ya sa da yawa muka tsane shi.

Injiniya Bashir: Wannan koke ne na gaskiya, kuma Nura ya saurara domin shi ne abu na gaba da zai same shi. Matsalar agogo ce. A ce na'urar A ta riga ta B da firam 3, ko don ta fara da wuri, ko don B ta yi tuntuɓe ta zubar da firam. Layi firam 4 ne, jinkiri 1. Saƙon B yana iso wa A a makare da 4, a ƙara 3 na rigayen, a cire 1: komawar firam 6. Saƙon A kuwa yana iso wa B da 4, a cire 3, a cire 1: babu komawa sam. Wanda ke gaba shi yake shan wahalar duka, na baya yana jin daɗi. A Janairun 2020 wani mai suna Altimor ya fitar da gyaran wannan na kwamfuta, Capcom, masu wasan, kuma suka fitar da nasu a watan da ya biyo.

Maganin shi ne kowace na'ura ta riƙa gaya wa ɗayar yadda take ganin tazarar. Bambancin 6 da 0 shida ne, rabinsa 3, sai A ta dakata firam 3, kowa ya koma komawar 3. GGPO yana turo maka `GGPO_EVENTCODE_TIMESYNC` da `frames_ahead`, amma dakatawar kai za ka yi, ba zai yi maka ba. Shawarata kada ka tsaya firam 3 a dunƙule, ana ji a hannu. Ka tsawaita kowane firam da milisakan 1 har firam 50, ka biya bashin ba wanda ya lura.

Ɗanlami: To in fakiti ya ɓace a hanya fa? Ba sai a yi TCP ba don kada a rasa?

Injiniya Bashir: A'a. TCP in ya rasa ɗaya yana tsare duk na bayansa har a sake aiko shi. UDP ake yi, kuma kowane fakiti yana ɗauke da duk dannin da wancan ɓangaren bai tabbatar ya karɓa ba. Dannin firam ɗaya bait 2 ya isa. Na 101 ya ɓace, na 102 yana ɗauke da shi, asarar firam ɗaya kawai. Abin da ba shi da magani shi ne yankewa mai tsawo irin ta wayifai mai cunkoso. GGPO ba ya wuce hasashen firam 8, daga nan `ggpo_add_local_input` zai ƙi karɓa, wasan ya tsaya kamar na jinkiri.

Nura Ɗan Fagge: Saura sauti. Yanzu in aka koma baya ƙarar naushi tana fita sau biyu ko uku a jere, kamar ana buga ƙofa.

Hauwa'u K.: Ba kowane sauti shaida: firam ɗin da ya tashi, wa ya jawo shi, wane iri ne. Kafin ka kunna ka duba ko mai wannan shaidar ya riga ya fita. Bayan komawa, wanda yake cikin jerin amma bai sake tasowa ba, ka rage muryarsa da sauri ya mutu. Tartsatsin bugu ma haka. Amma sanarwar ƙarshen zagaye, kada ka sake ta sai firam ɗin da lafiya ta ƙare ya tabbata daga ɓangarorin biyu. Babu abin da ke ɓata rai kamar allo ya ce ka ci sannan ya janye.

Injiniya Bashir: A nan na ɗan saba da Malama. Ƙarar bugu ni na fi son a jira tabbaci idan komawar ba ta wuce firam 2 ba. Ɗan wasa yana jin ƙarar shigar bugu ne ya ci gaba da jeri. In ya ji ta alhali an kare, ka sa shi ya saki motsin da za a hukunta shi a kai.

Hauwa'u K.: Idonsa ma ai ya ga tartsatsin, Injiniya. In ka makarar da sauti ka bar hoto, ka raba su a kowane bugu don gudun kuskuren da ke zuwa jefi-jefi. Ban gamsu ba.

Sadik Mai Sanda: Ni dai roƙona Nura, ka bar mu mu zaɓi jinkirin da kanmu. A 130 zan sa 3 in huta da tsalle-tsalle. Kuma in da wanda nake unguwa ɗaya ne, `ping` 30, ban ga abin da rolbak ya ƙara mini ba.

Injiniya Bashir: A 30 zuwa milisakan 15 ne, jinkirin firam 1 ya rufe shi, ba za a koma baya ba sai layi ya yi tuntuɓe. A nan tsarin biyu abu ɗaya ne, sai dai a lokacin tuntuɓen ɗaya ya tsaya, ɗaya ya wuce. Zaɓin kuma `ggpo_set_frame_delay` yana ba kowane ɗan wasa nasa. Amma ka lura, jinkirin da ka sa a kan danninka yake, saboda haka abokin karawarka ne zai ga allonsa ya lafa. Naka tsalle-tsallen yana raguwa ne da jinkirin da shi ya sa, sai dai in daidaita agogo ya raba ribar tsakaninku.

Sadik Mai Sanda: Af. Wato in na sa 3 shi ya sa 0, na ɗauki nauyi shi ya sha daɗi?

Nura Ɗan Fagge: Abin da nake tunani ke nan. Ko in sa wasan ya auna layi kafin a fara, ya ɗora wa su biyun lamba ɗaya, ba ta canzawa har a gama? 1 in bai kai 100 ba, 2 zuwa 170, 3 daga nan sama. Zan gwada da jinkirin ƙarya na 65 da na 95 a daren nan. Malam Sadik, in na turo maka, za ka gwada mini zabura da tsalle a kan 2 ka gaya mini yadda ka gani?

Sadik Mai Sanda: Turo. Amma ka sa mini lambar komawar a saman allo, in riƙa ganin firam nawa ake yankewa.